Kiyub mai fenti da aka yanka ƙanana: yadda ake ƙirga ƙwayoyinsa ba tare da maimaitawa ba

"Malam, ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare. Na ba ɗalibaina wannan tambaya: an shafa wa kiyub fenti a dukkan fuskokinsa shida, aka yanka shi zuwa ƙananan kiyub 64 masu girma ɗaya. Nawa ne ke da fenti a fuska uku, nawa a fuska biyu, nawa a fuska ɗaya, nawa ne kuma fenti bai taɓa su ba sam? Yawancinsu sun kawo 8 da 48 da 96, jimlar da ta wuce 64 tun kafin a zo kan marasa fenti. Na san ƙa'idar da ke cikin littafi, amma na kasa nuna musu inda suka kauce. Yaya zan yi?"

Malama, sannu da ƙoƙari. Amsar da ta dace ita ce 8 masu fuska uku, 24 masu fuska biyu, 24 masu fuska ɗaya, da 8 marasa fenti, kuma idan kika haɗa su za ki samu 64 cif. Amma kada ki yi saurin soke abin da ɗaliban suka kawo, domin 48 da 96 ɗin nan ba cinta suka yi ba. Sun ƙirga wani abu na gaskiya, sai dai ba shi aka tambaye su ba, kuma idan kika nuna musu abin da suka ƙirga ɗin, gyaran zai zauna musu fiye da a ce kin rubuta ƙa'ida a allo sun kwafa.

Wurin zama ne ke yanke hukunci

Domin sauƙin magana, zan riƙa kiran ƙananan kiyub ɗin ƙwayoyi. Tushen duk wannan lissafi shi ne cewa fenti ya taɓa waje ne kawai, kuma an shafa shi kafin a yi yanka, don haka duk wata sabuwar fuska da wuƙa ta buɗe fara ce fat. Yawan fentin da ke jikin ƙwaya ya dogara ne kacokan a kan wurin da take zaune a jikin babban kiyub kafin a wargaza shi, kuma wuraren zaman nan huɗu ne babu na biyar. Akwai kusurwa, inda fuska uku suke haɗuwa, kuma kiyub yana da kusurwa 8. Akwai gefe, wato layin da fuska biyu suke haɗuwa a kansa, kuma su 12 ne: huɗu a sama, huɗu a ƙasa, huɗu a tsaye. Akwai tsakiyar fuska, wurin da bai kai ko wane gefe ba, kuma fuskokin 6 ne. Sai kuma can ciki, inda hasken rana ma bai taɓa kaiwa ba balle burushin mai fenti.

Ƙwayar da ke kusurwa tana leƙa waje ta ɓangare uku, don haka fentinta fuska uku ne. Wadda ke kan gefe amma ba a kusurwa ba tana leƙawa ta ɓangare biyu. Wadda ke tsakiyar fuska tana leƙawa ta ɓangare ɗaya. Ta ciki kuwa ba ta leƙawa ko kaɗan. Babu ƙwayar da za ta samu fenti a fuska huɗu, domin a cikin fuskoki huɗu na kowace ƙwaya dole ne a samu biyu da ke bayan juna, kuma ƙwaya ba za ta iya taɓa sama da ƙasa a lokaci ɗaya ba matuƙar babban kiyub ɗin ya kai kaurin ƙwaya biyu.

Da yake 4 × 4 × 4 shi ne 64, kowane gefe na kiyub ɗinki yana ɗauke da jerin ƙwaya huɗu. A wannan jeri, ta farko da ta ƙarshe kusurwoyi ne, kuma an riga an ba su matsayinsu na masu fuska uku. Saura biyu a tsakiya, su ne masu fuska biyu na haƙiƙa. Gefe 12 sau ƙwaya 2 ya ba da 24. Haka nan kowace fuska tana nuna ƙwaya 16, jeri huɗu na huɗu-huɗu, amma 12 daga cikinsu suna kewaye ne a bakin fuskar, wato ko dai a kusurwa ko a gefe. Idan aka cire su, saura murabba'i na 2 × 2 a tsakiya, wato ƙwaya 4, kuma fuska 6 sau 4 ya ba da 24. Na ciki kuwa, idan kika ɓare dukkan ƙwayoyin waje kamar yadda ake ɓare bawon lemo, abin da zai rage ƙaramin kiyub ne da ya ragu da ƙwaya ɗaya ta kowane ɓangare, wato 2 × 2 × 2, ƙwaya 8.

Daga ina 48 da 96 suka fito

Wannan shi ne wurin da nake so ki daɗe a kai tare da ɗalibanki. Wanda ya kawo 48 ya ce gefe 12 ne, kowane yana da ƙwaya 4, sai ya buga 12 × 4. Abin da bai lura da shi ba shi ne cewa kowace ƙwayar kusurwa tana kan gefe uku ne a lokaci ɗaya, domin gefe uku ne ke haɗuwa a kowace kusurwa. Saboda haka ya ƙirga kowace kusurwa sau uku, alhali bai kamata ta shiga wannan rukuni ko sau ɗaya ba. Kusurwa 8 sau 3 ya zama 24, kuma idan kika cire wannan 24 daga 48 ɗinsa, saura 24, amsar gaskiya. Ki sa ɗalibi ya ɗora yatsa a kan kusurwa guda, ya bi gefunan da suka tashi daga wurin ɗaya bayan ɗaya, zai ga da idonsa cewa yatsan ya dawo kan ƙwaya ɗaya har sau uku.

Wanda ya kawo 96 kuma ya ce fuska 6 ce, kowace tana da 16, sai ya buga 6 × 16. Wannan adadi daidai ne ƙwarai, amma adadin ƙananan murabba'ai ne da fenti ya shafa, ba adadin ƙwayoyi ba. Ƙwaya ɗaya tana iya ɗauke da murabba'i mai fenti ɗaya ko biyu ko uku. A cikin 96 ɗin nan, an ƙirga kowace ƙwayar kusurwa sau uku, kowace ƙwayar gefe sau biyu, kowace ƙwayar tsakiyar fuska sau ɗaya. Ki gwada: 8 × 3 ya ba da 24, 24 × 2 ya ba da 48, 24 × 1 ya ba da 24, jimla 96. Ashe lambar da ɗalibin ya kawo a matsayin amsa ita ce ma'aunin da za a tabbatar da amsar gaskiya da shi.

Ni a ajina ina tilasta wa ɗalibai yin gwaji biyu kafin su ja layi a ƙarƙashin amsa. Na farko, rukunan huɗu su haɗu su ba da adadin dukkan ƙwayoyi. Na biyu, idan aka ninka kowane rukuni da yawan fuskokinsa masu fenti aka haɗa, a samu adadin murabba'an da ke jikin babban kiyub. Gwajin farko shi kaɗai bai wadatar ba, domin ɗalibi yana iya sa ƙwaya huɗu a rukunin da ba nasu ba, jimlar ta ci gaba da zama 64 alhali amsar ta karkace. Gwaji na biyu ne ke kama irin wannan kuskure, tunda canza wa ƙwaya rukuni yana canza yawan fentin da aka ƙirga mata.

Hanya ta biyu ga wanda siffar ba ta zauna masa a ka ba

Akwai ɗaliban da ba sa iya juya kiyub a cikin zuciyarsu, kuma wannan ba rashin basira ba ne, rashin sabo ne kawai. Irin waɗannan ina sa su raba kiyub ɗin hawa-hawa, su zana murabba'i huɗu a takarda, kowane mai gida 16, su rubuta a kowane gida yawan fuskokinsa masu fenti. A hawan sama, gidaje huɗu na kusurwa za su ɗauki 3, takwas ɗin da ke baki za su ɗauki 2, huɗun tsakiya za su ɗauki 1. Hawan ƙasa haka yake ba bambanci. A hawa biyun tsakiya kuwa babu fentin sama ko na ƙasa, don haka kowace lamba ta ragu da ɗaya: kusurwoyin zanen su ɗauki 2, na baki su ɗauki 1, na tsakiya su ɗauki 0.

Idan suka tattara, masu 3 za su zama 4 da 4, wato 8. Masu 2 za su zama 8 da 8 daga sama da ƙasa, da 4 da 4 daga hawan tsakiya, wato 24. Masu 1 za su zama 4 da 4 da 8 da 8, wato 24. Masu 0 kuma 4 da 4, wato 8. Wannan hanya ta fi ɗaukar lokaci, amma tana da wata fa'ida babba: kowace ƙwaya gida ɗaya gare ta a takarda, don haka ba ta yiwuwa a ƙirga ta sau biyu. Abin da ya fi ba ɗalibai mamaki a nan shi ne cewa gidan da ke kusurwar zane a hawan tsakiya ba kusurwar kiyub ba ne, yana kan gefen tsaye ne, kuma da zarar sun gane wannan sun gane rabin darasin.

Idan da hali, ki kawo abin da za su taɓa da hannu. Ni nakan yi amfani da babbar doya ko sandar sabulu, in gyara ta ta zama kiyub, in shafa mata shuɗin bula ko tawada, in bar ta ta bushe sannan in yanka a gabansu. Kiyub mai uku-uku ya isa, tunda yankan doya zuwa 64 daidai wa daida yana da wuya. Za su samu 8 da 12 da 6, sannan ƙwaya guda fara tas daga tsakiya, jimla 27. Kafin ki buɗe tsakiyar, ki tambaye su ko akwai wadda fenti bai taɓa ba. A kowane aji akan samu waɗanda za su rantse babu.

Ƙa'idar da kuma asalin cire biyu

Bayan sun yi mai uku-uku da mai huɗu-huɗu da hannunsu, sai a kawo ƙa'ida, kuma gara su ne za su fitar da ita. Idan kowane gefe yana da ƙwaya n, masu fuska uku 8 ne kullum, ko n ya kai dubu, domin kusurwoyi ba sa ƙaruwa. Masu fuska biyu su ne 12(n − 2), masu fuska ɗaya 6(n − 2)², marasa fenti kuma (n − 2)³. Biyun da ake cirewa ba wata lambar sirri ba ce: ƙwayar farkon jeri ce da ta ƙarshensa. A kan gefe ana cire su sau ɗaya domin gefe tsawo kawai gare shi. A kan fuska ana cire su a tsawo da faɗi, shi ya sa aka ninka n − 2 da kansa. A ciki ana cire su a tsawo da faɗi da tsayi, shi ya sa aka ninka n − 2 da kansa, aka sake ninkawa da shi. Ɗalibin da ya fahimci wannan ba ya buƙatar hadda, domin ko ya manta ƙa'idar zai sake gina ta cikin minti ɗaya.

Ga ɗaliban babbar sakandare akwai wani abu mai daɗi a nan. Idan aka sa m a madadin n − 2, to n ya zama m + 2, kuma idan aka warware (m + 2)³ ana samun m³ + 6m² + 12m + 8. Waɗannan su ne rukunan namu huɗu a jere: na ciki, na fuska, na gefe, na kusurwa. Wato hujjar cewa rukunan huɗu suna haɗuwa su ba da n³ ga kowane n tana cikin aljabara da suka riga suka sani, kuma kiyub mai fenti shi ne siffar da za a iya riƙewa a hannu ta wannan warwarewa.

Yana da kyau kuma su ga yadda rukunan ke rige-rige yayin da n ke girma. A mai biyar-biyar ana samun 8 da 36 da 54 da 27, jimla 125, wato marasa fenti ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A mai tara-tara marasa fenti 343 ne daga cikin 729, har yanzu masu fenti sun fi su yawa, domin su 386 ne. Sai a mai goma-goma ne na ciki suka fara rinjaye, inda suka kai 512 daga cikin 1000, masu fenti kuma 488. Dalili shi ne kusurwa a tsaye take, gefe yana ƙaruwa kamar m, fuska kamar m², ciki kamar m³, don haka komai daren daɗewa ciki ne zai yi galaba.

Inda ƙa'idar ke daina aiki

Tarkon da ya fi kama ɗalibai a jarrabawa yana zuwa ne tun kafin a fara ƙirga, wajen gano n. Idan aka ce an yanka kiyub sau uku ta kowane ɓangare, n ba 3 ba ne, 4 ne, domin yanka uku yana raba abu gida huɗu. Idan kuma aka ce kiyub mai tsawon santimita 12 aka yanka zuwa ƙwayoyi masu santimita 3, n shi ne 12 a raba da 3, wato 4, ba 12 ba kuma ba 3 ba. Ki sa su rubuta n da adadin dukkan ƙwayoyi a saman takarda kafin komai.

Abu na biyu shi ne ƙa'idar tana aiki ne kawai idan an shafa dukkan fuskoki shida. Mu ɗauki kiyub ɗinki na 64, a ce an ajiye shi a kan tebur aka shafa masa fenti ba tare da an ɗaga shi ba, ƙasan ya kasance babu fenti. Wanda ya haddace cewa masu fuska uku 8 ne kullum zai faɗi nan take, domin kusurwoyin ƙasa huɗu sun rasa fuska ɗaya, sun koma masu biyu, saura 4 kawai masu fuska uku. Masu fuska biyu su ne 8 na gefunan sama, da kuma na gefunan tsaye huɗu, waɗanda yanzu kowane ke ba da 3 tunda ta ƙasan ta shigo cikinsu, wato 12, jimla 20. Masu fuska ɗaya su ne 4 na tsakiyar sama, da kuma na bangaye huɗu, inda kowane bango ke ba da faɗin 2 da tsayin 3, wato 6, sau huɗu 24, jimla 28. Marasa fenti kuma sun zama 2 × 2 × 3, wato 12, domin huɗun da ke tsakiyar ƙasa sun shiga cikinsu. Gwajin farko: 4 da 20 da 28 da 12 sun ba da 64. Gwaji na biyu: 12 da 40 da 28 sun ba da 80, wanda shi ne fuska 5 sau 16. Babu ko ɗaya daga cikin lambobin ƙa'idar da ya tsira, amma tambayar wurin zaman ƙwaya ta kai mu ga amsa ba tare da tangarɗa ba, kuma hanyar hawa-hawa ma tana fitar da wannan cikin sauƙi, tunda hawan ƙasa ya koma irin na tsakiya.

Idan abin da aka yanka ba kiyub ba ne, a ce tsawonsa 5, faɗinsa 4, tsayinsa 3, tunanin bai canza ba, sai dai a cire biyu daga kowane awo dabam, a samu 3 da 2 da 1. Kusurwoyi 8 ne. Gefuna iri uku ne, kowane iri huɗu, don haka masu fuska biyu su ne 4 × (3 + 2 + 1), wato 24. Fuskoki iri uku ne, kowane iri biyu, don haka masu fuska ɗaya su ne 2 × (6 + 3 + 2), wato 22. Na ciki 3 × 2 × 1, wato 6. Jimla 60, daidai da 5 × 4 × 3.

Iyakar ƙarshe ita ce kauri. Duk abin da na faɗa ya ginu ne a kan cewa kowane awo ya kai ƙwaya biyu ko fiye. A kiyub mai biyu-biyu ƙa'idar tana nan daram, dukkan ƙwayoyi 8 kusurwoyi ne, sauran rukunan kuma sifiri. Amma idan n ya zama 1, ƙa'idar za ta ba da 8 da −12 da 6 da −1, lambobin da jimlarsu ta zama 1 amma ba su da wata ma'ana a zahiri, domin ƙwaya ɗaya ce tal mai fenti a fuska shida. Haka nan faifai mai kaurin ƙwaya ɗaya, kamar 3 × 3 × 1: kowace ƙwaya tana taɓa sama da ƙasa a lokaci ɗaya, don haka huɗun kusurwa suna da fenti a fuska huɗu, huɗun baki a fuska uku, ta tsakiya a fuska biyu. Wannan faifai tambaya ce mai kyau da za ki ba su a ƙarshen darasi, bayan ta teburin, domin duk wanda ya amsa su biyun daidai kuma ya tabbatar da 30 da 80 ta gwajin fenti, kin san ƙirga yake yi da fahimta.